Ratsawar Zafi Cikin Bango Mai Kauri Bayan Zafin Fuskarsa Ya Canza Farat Ɗaya: Nazari a Kan Bangon Ƙasa Lokacin Gobara

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda zafi ke ratsa daskararren jiki mai kauri sosai bayan matakin zafin fuskarsa ya tashi farat ɗaya, ta kuma ɗauki bangon ƙasa mai kaurin santimita 40 wanda gobara ta taɓa ta gefe ɗaya a matsayin misalin da aka bi lissafinsa daki-daki. An nuna cewa zurfin da zafi ke kaiwa ba ya ƙaruwa daidai da lokaci, sai dai daidai da saiwar lokaci, wato ninka kauri sau biyu yana ninka lokacin ratsawa sau huɗu. An kuma bayyana iyakokin lissafin, da hanyar gane lokacin da ya daina dacewa da bangon gaske, da dalilin da ya sa cikin bango ke ci gaba da ɗumama bayan an kashe wuta.

Gabatarwa

Lissafin da aka fi koya wa ɗaliban injiniya game da ratsawar zafi shi ne na yanayin da ya daidaita, inda zafin da ke shiga bango ta fuska ɗaya yake fita ta ɗaya fuskar ba tare da ragi ba, kuma matakin zafin kowane wuri a cikinsa ya tsaya cik. Sai dai bango mai kauri yakan ɗauki awoyi masu yawa, wani lokaci ma kwanaki, kafin ya kai wannan yanayi, alhali gobara takan tashi ta mutu cikin awa ɗaya ko biyu. A cikin wannan ɗan lokaci bangon yana shan zafi ne yana adanawa a ɓangarensa na gaba, bayansa kuwa bai ma san abin da ake ciki ba. Muddin bayan bai ji komai ba, kaurin bangon ba ya shiga lissafi, don haka ana iya ɗaukarsa a matsayin jiki mai fuska ɗaya wanda ba shi da iyaka ta ciki. Haka ake ɗaukar ƙasar da aka hura wuta a kanta, domin ita ma fuska ɗaya gare ta, zurfinta kuwa ya wuce inda zafin zai kai.

Asalin lissafin yana cikin littafin da Joseph Fourier ya wallafa a Faransa a shekarar 1822 a kan ka'idar zafi. Tambayoyin da wannan maƙala ke amsawa da shi guda uku ne: wane zurfi zafi ke kaiwa a wani lokaci, nawa ne yawan zafin da bango ke sha, kuma yaushe ne lissafin ke daina faɗin gaskiya.

Tsarin lissafi

Ana bambanta abubuwa biyu da baki ya saba haɗawa a kalma ɗaya. Matakin zafi shi ne abin da ma'auni ke nunawa da digiri, yawan zafi kuwa makamashi ne da ake aunawa da jul, ko da wat idan ana nufin jul nawa ke wucewa a kowane sakan. Abubuwa uku na jikin bango ne ke hukunta yadda zafi zai ratsa shi: k, wato ƙarfin isar da zafi daga wani sashe zuwa na kusa da shi, ρ, wato nauyin kowace mita kubik, da c, wato yawan zafin da kilo ɗaya ke sha kafin matakinsa ya tashi da digiri ɗaya. Ukun sukan haɗu su ba da α, wanda za a kira ma'aunin bazuwar zafi, domin shi ke auna yadda isarwa ke rinjayar adanawa. Idan x shi ne zurfi daga fuska, t kuma lokaci daga sanda canjin ya faru, ka'idar ita ce:

```
∂T/∂t = α ∂²T/∂x²
α = k / (ρ c)
```

Sharuɗɗan guda uku ne. Kafin canjin, dukan jikin yana kan mataki ɗaya, Ti. Daga lokacin canjin, fuska tana kan sabon mataki, Ts, ba ta motsawa daga nan. Can ciki mai nisa kuwa matakin yana nan a kan Ti. Abin lura shi ne babu wani tsawo da aka ambata a cikin sharuɗɗan nan, tunda an cire kauri, saboda haka tsawo ɗaya tilo da matsalar ke da shi shi ne wanda lokaci ke haifarwa, wato √(αt). Alamar √ tana nufin saiwa, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da abin da ke ƙarƙashin alamar. Wannan ya sa zurfi da lokaci ba sa aiki daban-daban, sai dai a haɗe cikin lamba ɗaya, η, amsar kuma ta fito kamar haka:

```
η = x / (2 √(α t))
T = Ts − (Ts − Ti) · erf(η)
```

Abin da ake rubutawa erf wata alaƙa ce ta lissafi da ake samu a jadawalin littattafan injiniya da na'urorin lissafi. Tana farawa daga sifili a fuska, ta hau da sauri, sannan ta lafa tana kusantar ɗaya: tana ba da 0.52 idan η ya kai 0.5, da 0.84 idan ya kai 1, da 0.99 idan ya kai 1.82. Wannan lamba ta ƙarshe ita ake amfani da ita wajen fayyace zurfin ratsawa, wato inda canjin da aka ji bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na canjin fuska ba:

```
δ ≈ 3.64 √(α t)
```

A bisa lissafi zalla, zafin yana isa ko'ina nan take da ɗan abin da ba a iya aunawa, don haka δ iyaka ce da aka amince da ita don aiki, babu wani layi na zahiri a cikin bango da zafi ke tsayawa a kansa.

Misalin bangon ƙasa

A ɗauki bangon tubali da aka yaɓe, mai kaurin santimita 40, wanda ke tsakanin shagon da gobara ta kama da ɗakin ajiyar hatsi. Don wannan misali an zaɓi lambobin da ke cikin kewayon busasshiyar ƙasar gini, ko da yake ƙasar kowane wuri da irin cuɗinta tana da nata:

```
k = 0.8 W/(m·K)    ρ = 1600 kg/m³    c = 1000 J/(kg·K)
α = 5.0 × 10⁻⁷ m²/s
Ti = 30 °C    Ts = 530 °C
```

Bayan awa ɗaya, wato sakan 3600, √(αt) yana ba da santimita 4.24, ninkinsa biyu kuma santimita 8.49. A zurfin santimita 5, η ya zama 0.589, erf ya ba da 0.595, matakin zafi kuma ya fito digiri 232. A zurfin santimita 10, η ya zama 1.18, erf ya ba da kusan 0.905, matakin kuma digiri 78 ne kacal. A tsakiyar bango, wato santimita 20, tashin bai kai rabin digiri ba. Ma'ana, fuskar da ta fi digiri ɗari biyar tana zaune ne taƙi ɗaya daga ƙasar da ba ta ɗumama ba, kuma zurfin ratsawa a wannan lokaci bai wuce santimita 15 da ɗoriya ba.

Idan wutar ta ci gaba har awa huɗu, ba sai an sake lissafi daga farko ba, domin ninka lokaci sau huɗu yana ninka √(αt) sau biyu ne kawai. Digiri 232 da aka samu a santimita 5 yanzu ya koma santimita 10, digiri 78 ya koma tsakiyar bango, zurfin ratsawa kuma ya kai kusan santimita 31. Zafin zai fara taɓa bayan bangon ne lokacin da δ ya kai santimita 40, wanda lissafi ya nuna kusan sakan 24,000 ne, wato awa shida da minti arba'in ko kusa da haka. Bango na irin wannan ƙasa mai kaurin santimita 10, wato rubu'in na farko, zai kai wannan matsayi cikin kusan minti 25, domin lokacin ya ragu sau goma sha shida. Nan ne amfanin kauri yake a ginin ƙasa na gargajiya: kowane ƙarin kauri yana sayen lokaci fiye da wanda ya gabace shi. Don kwatanci, ƙarfe na gini yana da α da ya fi na wannan ƙasa kusan sau 27, saboda haka zafi zai ratsa santimita 40 na ƙarfe cikin kamar minti goma sha biyar.

Yawan zafin da ke shiga kowace murabba'in mita ta fuska a kowane sakan, q, da jimillar abin da ya shiga tun farko, Q, suna fitowa daga gangaren matakin zafi a fuska:

```
q = k (Ts − Ti) / √(π α t)
Q = 2 q t
```

A ƙarshen minti na farko q yana kusan kilowat 41 a kowace murabba'in mita, a ƙarshen awa ɗaya ya sauko zuwa 5.3, a ƙarshen awa huɗu kuma ya koma rabin haka. Dalilin saukar shi ne ɓangaren da ya riga ya yi zafi yana zama shamaki tsakanin wuta da ƙasar da ke da sauran sanyi, kuma shamakin yana ƙara kauri da tafiyar lokaci. Jimillar abin da bangon ya sha a awa ta farko ta kai kusan jul miliyan 38 a kowace murabba'in mita, kuma wannan zafi yana nan jibge a cikin santimita goma sha biyar na gaba.

Abin da ke faruwa bayan an kashe wuta

Wannan ajiyayyen zafi shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Tunda ka'idar tana ba da damar a haɗa amsoshi biyu a sami ta uku, ana iya lissafa kashe wuta a matsayin canji na biyu, wanda ke mayar da fuska daga digiri 530 zuwa 30 a lokacin t₀. Idan aka rubuta erfc a madadin 1 − erf, amsar bayan kashe wutar ita ce:

```
T = Ti + (Ts − Ti) [erfc(x / (2√(αt))) − erfc(x / (2√(α(t − t₀))))]
```

A ce an kashe wutar bayan awa ɗaya daidai, an kuma sanyaya fuskar nan take. A zurfin santimita 10, inda matakin yake digiri 78 a lokacin kashewa, bayan rabin awa kashi na farko na lissafin yana ba da 0.174, na biyu 0.018, matakin kuma ya tashi zuwa kusan digiri 108. Bayan cikar awa guda da kashewa yana nan a kusan digiri 102. Wato wurin ya fi zafi bayan mutuwar wuta fiye da lokacin da take ci, domin labarin sanyi ma a hankali yake ratsawa, da irin tafiyar da labarin zafi ya yi, kuma kafin ya iso, zafin da ke jibge a gaba ya riga ya malalo ciki. Saboda haka taɓa fuskar bango da hannu a ji ta huce ba hujja ba ce a kan halin da kan azara, ko wayar lantarki da aka binne, ko wani katako da ke cikin bangon yake ciki.

Iyakokin lissafin da alamomin kaucewarsa

Iyaka ta farko tana cikin sharaɗin farat ɗaya. Lissafin q yana nuna cewa a daidai lokacin farawa yawan zafin da ke shiga ba shi da iyaka, abin da ba ya yiwuwa, domin wuta tana isar da zafi ga fuska ne ta hanyar iska mai zafi da hucin harshenta, kuma wannan isarwa tana da ma'auni, h, wato wat nawa ke shiga kowace murabba'in mita a kan kowane digiri na bambanci tsakanin wuta da fuska. Lambar da ke nuna ko fuska ta kusa kamo matakin wutar ita ce h√(αt)/k. Idan h ya kasance 25, wannan lamba tana ba da 1.33 bayan awa ɗaya, kuma lissafin da ya ƙunshi h yana nuna cewa fuskar ta kai kusan digiri 354 ne kawai, ko da iskar da ke gabanta tana kan 530. Idan h ya kai 100, kamar inda hucin wuta ke da ƙarfi, lambar ta zama 5.3, fuskar kuma ta kai kusan digiri 478. Don haka ɗaukar canjin a matsayin farat ɗaya yana ƙara gishiri a kan zafin da ke shiga, ƙarin kuma ya fi yawa a mintocin farko. Wannan kuskure yana karkata ne ta wajen taka-tsantsan, muddin matakin wutar da aka sa a lissafi bai gaza na gaske ba.

Iyaka ta biyu ita ce damshi. Bangon ƙasa ba ya rasa ɗan ruwa a jikinsa ko da rani, kuma mayar da kilo ɗaya na ruwa tururi yana cin kusan jul miliyan 2.26. Idan damshin ya kai kashi uku cikin ɗari na nauyi, kowace mita kubik ta bangon misalin tana ɗauke da kilo 48 na ruwa, wanda ƙafar da shi zai ci kusan jul miliyan 108, alhali ɗumama ita kanta ƙasar daga digiri 30 zuwa 100 yana cin jul miliyan 112 ne. Ke nan ɗan damshin da ido ba ya gani ya kusa ninka kuɗin tsallake digiri ɗari. Alamarsa a awo ita ce ma'aunin da aka binne cikin bango zai hau har kusa da digiri 100, ya tsaya a nan na wani lokaci, sannan ya ci gaba da hawa bayan ruwan wurin ya ƙafe. Haka kuma tururin da ke kutsawa ciki yakan koma ruwa a ɓangare mai sanyi, ya ɗumama shi da wuri fiye da yadda erf ke nunawa.

Iyaka ta uku ita ce siffar bangon kansa. Da zarar δ ya kai kauri, ɗaukar bangon a matsayin marar iyaka ya ƙare, kuma kuskuren da ke biyo baya yana karkata ta wajen haɗari. Idan bayan bangon a rufe yake da buhunan hatsi ko wani abin da ba ya barin zafi ya fita, zafin da ya isa can ba shi da inda zai wuce, sai ya taru, tashin matakin a wurin kuma ya kai kusan ninki biyu na abin da lissafin jiki marar iyaka ke bayarwa. A kusurwa, inda wuta ke dukan fuska biyu, zafi yana shiga ta hanya biyu. Tsaga, da ramin gara, da ƙarfen da ya ratsa bango kuwa duk gajerun hanyoyi ne da lissafin bai san da su ba.

Ana iya gwada dacewar lissafin da ma'aunai biyu kawai, ɗaya a zurfin santimita 5, ɗaya a 10. Matakin zafi yana kai rabin canjin fuska ne lokacin da η ya kasance 0.477, saboda haka lokacin kai rabi, t½, yana ba da ma'aunin bazuwa kai tsaye:

```
α ≈ 1.1 x² / t½
```

A bangon misalin, ma'auni na farko zai kai rabi, wato digiri 280, bayan kusan minti 92, na biyu kuma bayan ninki huɗu na wannan lokaci, wato awa shida da 'yan mintoci. Idan rabon lokutan biyu ya fito kusa da huɗu, lissafin yana kan hanya. Idan ya gaza huɗu sosai, mafi yawa fuskar ce ta yi jinkirin kai matakinta, ko kuma akwai tsagar da ke kai zafi ciki; idan kuma layin awon ya kwanta a wajen digiri ɗari, damshi ne.

Tarihin wannan lissafi yana ɗauke da gargaɗi a kan sharuɗɗa. A shekarar 1862 William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya yi amfani da shi wajen ƙiyasta shekarun duniya, inda ya ɗauke ta a matsayin daskararren jiki mai tsananin zafi wanda fuskarsa ta huce farat ɗaya, ya kuma nemi lokacin da zai sa gangaren zafi a fuska ya sauko zuwa abin da ake aunawa a ramukan haƙar ma'adinai. Ya sami kusan shekara miliyan ɗari, cikin kewayon miliyan 20 zuwa 400, alhali abin da aka tabbatar a yau ya kai kusan shekara biliyan 4.5. Lissafinsa daidai yake, sharaɗin ne ya kauce: John Perry ya nuna a 1895 cewa idan cikin duniya yana isar da zafi da sauri fiye da ɓawonta, kamar yadda jiki mai motsi ke yi, amsar za ta ninka sau da yawa, daga baya kuma aka gano cewa wasu sinadaran cikin duwatsu suna haifar da zafi da kansu.

Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa a bangon ƙasa mai α na 5.0 × 10⁻⁷, gobarar awa ɗaya ba ta ratsa fiye da kusan santimita 15, ta awa huɗu kuma kusan 31, kuma bango mai kaurin santimita 40 yana amsa sunan jiki marar iyaka har kusan awa shida da rabi. A cikin wannan wa'adi lissafin erf ya wadatar don ƙiyasi, matuƙar an duba h√(αt)/k, an yi la'akari da damshi, an kuma nisanci kusurwa da tsaga. Shawarar da ke fitowa ga masu tsara gini ita ce su auna α na ƙasar da za su yi aiki da ita ta hanyar lokacin kai rabi, maimakon dogaro da lambar jadawali kaɗai. Ga masu aikin kashe gobara kuwa, ya kamata a ci gaba da sa ido a kan azara da duk abin da aka binne cikin bango mai kauri na tsawon awoyi bayan mutuwar wuta, domin a zurfin santimita 10 zafin yana kai ƙololuwarsa ne bayan fuska ta riga ta huce.